Neman shawara: gem yana sarƙewa bayan sallar isha'i, alhali gwajin gudu yana nuna lafiya lau

Mai tambaya, daga Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina buga ƙwallo ta intanet a kan PS5, rautar gidanmu mai layin 4G tana falon mahaifinmu, ni kuma ɗakina yana bakin ƙofar gida, katanga biyu tsakaninmu. Da rana `ping`, wato lokacin zuwa da dawowar saƙo, yana tsayawa a wajen milisakan 130, amma bayan isha'i sai ya yi tsalle zuwa 700 ko fiye na ɗan lokaci, 'yan wasa su daskare, sannan ya sauko. Gwajin na'urar yana nuna 25 Mbps na saukewa da 3 Mbps na ɗorawa. Shin laifin kamfanin layi ne, ko kuwa matsalar tana cikin gida?

Wani ɗan ƙungiya, daga Gwammaja:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, 25 ba ta isa gidan da ke da mutane da yawa ba. Ka sayi tsarin data mai gudu fiye da wannan, sannan ka shiga saitin na'urar ka mayar da DNS zuwa 8.8.8.8, domin ni da na yi haka na ga sauƙi.

Mai aikin haɗa intanet a ofisoshi, daga Zoo Road:
Malam na Gwammaja ya yi gaskiya cewa yawan mutanen gida yana da hannu a lamarin, amma ba lambar saukewa ce abin dubawa ba, domin wasan ƙwallo ta intanet ba ya cin ko 1 Mbps yayin da ake bugawa. Shi kuma DNS aikinsa nemo adireshin sabar kafin a haɗu da ita, da zarar an take wasa ba ya cikin hanyar da saƙonnin ke bi, saboda haka ba zai hana tsallen da ke faruwa a tsakiyar wasa ba.

Ƙanina, ka fara da karɓar 130 ɗin nan a matsayin rabonka na nisa. Haske a cikin kebul yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, kuma idan sabar wasan tana Turai, saƙonka zai bar Kano ya gangara Legas, kusan kilomita 1,000, ya shiga kebul ɗin ƙarƙashin teku irin na MainOne mai tsawon kilomita 7,000 zuwa Fotugal, sannan amsa ta biyo hanya ta dawo. Wannan kaɗai ya cinye milisakan 80, kafin a lissafa abin da 4G da na'urorin kan hanya za su ƙara. Babu wani saiti a cikin gida da zai rage wannan. Hannu yana sabawa da 130 da ba ta motsi, abin da ke lalata wasa shi ne rashin tsayawarta wuri ɗaya, wanda za ka gani an rubuta `jitter`. Idan amsoshi huɗu a jere suka zo 128, 131, 129, 133, layin lafiyarsa ƙalau. Idan kuwa suka zo 128, 310, 140, 620, wasan ba zai buguwa ba ko da gwajin gudu ya nuna 100. Shi `packet loss` kuma saƙon ne bai isa ba gaba ɗaya, alamarsa ita ce ka danna bugu a ƙi bugawa, ko ɗan wasa ya ɓace ya bayyana a wani wuri, kuma daga kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ma ana jin sa.

Gwajin `Test Internet Connection` na PS5 ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, gudu da nau'in NAT kawai yake bayarwa. Masu Xbox sun fi samun sauƙi, domin `Test network speed & statistics` yana nuna `Latency` da `Packet loss`, sai dai shi ma awon 'yan daƙiƙu ne, tsallen na iya faruwa bayan an gama. Don haka ka ari kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows, ka ajiye ta daidai inda na'urar wasan take, a kan waifai ɗaya, a lokacin da matsalar ta saba zuwa. Ka buɗe `cmd`, ka rubuta `ipconfig`, ka kwafi lambar da ke gaban `Default Gateway`, wadda ita ce adireshin rautarku. Sai ka buɗe tagogi biyu gefe da gefe, ka sa ɗaya a kowace:

```
ping -n 300 192.168.0.1
ping -n 300 8.8.8.8
```

Ka musanya lambar farko da wadda ka gani a naka. Kowane zai ɗauki kimanin minti biyar, a ƙarshe ya ba ka `Minimum`, `Maximum`, `Average` da `Lost`. Na farkon yana auna tsakanin ɗakinka da falo ne kawai, kuma ya kamata ya tsaya ƙasa da milisakan 5 ba tare da asara ba. Idan shi ne ke tsalle, matsalar waifai ce. Idan ya tsaya cik amma na biyu yana tsalle, kada ka yi gaggawar ɗora wa kamfani laifi, ka kawo mana lambobin tukuna.

Wata 'yar ƙungiya, daga Rijiyar Zaki:
Ni tawa matsalar ta wuta ce. Duk lokacin da aka ɗauke wuta muka koma janareta, rauta takan mutu ta sake tashi, sai wasan yaran ya yanke baki ɗaya, su jira minti biyu kafin layi ya dawo. Da muka sa mata ƙaramin batirin da ake sayarwa domin rauta, abin ya wuce. Ko ba irin wannan ba ce take damunsa?

Mai aikin haɗa intanet:
Hajiya, batirin shawara ce mai kyau ga kowane gida a garin nan, amma alamar taki daban ce: idan rauta ta mutu, ana fitar da mutum daga wasan ne ɗungurungum. Shi nasa wasan yana ci gaba, jinkiri ne ke hawa ya sauka.

Mai tambaya:
Yaya, na yi gwajin da misalin ƙarfe tara na dare. Zuwa rauta: `Minimum` 2, `Average` 14, `Maximum` 186, an rasa 4 cikin 300. Zuwa 8.8.8.8: `Minimum` 48, `Maximum` 812, an rasa 9. Abin da na lura shi ne, akwai wani lokaci da taga ta biyu ta zauna tsakanin 600 da 800 na fiye da minti biyu, alhali ta farko tana nuna 3 ko 4 a daidai lokacin.

Mai aikin haɗa intanet:
Madalla, wannan abin da ka lura da shi ya fi jimillar ƙarshe amfani, domin ya nuna cewa matsaloli biyu ne suka haɗu maka, kuma ina kyautata zaton dukansu a cikin gida suke.

Ta farko ita ce ƙaramar. Milisakan 186 da asarar 4 zuwa rautar da ke gida ɗaya da kai aikin waifai ne, wanda yake ratsa katangar bulo biyu, watakila a kan zangon 2.4 GHz, inda rautocin maƙwabta da na'urorin bulutut suke cunkushe. Komawa zangon 5 GHz yana taimakon wanda ke kusa da rauta, amma ya fi rauni wajen ratsa katanga, saboda haka a ɗaki irin naka zai iya ƙara dagula lamarin. Maganin da nake amincewa da shi kebul ne. Nau'in Cat5e ko Cat6 yana aiki har tsawon mita 100, za ka same shi a Farm Centre a yanka maka gwargwadon buƙata a danne maka kawunansa, ka bi da shi ta gefen katanga cikin bututun roba saboda rana. A kan kebul, gwajin farko zai nuna milisakan 1 ko ƙasa da haka.

Ta biyu ita ce babbar, kuma kebul ba zai taɓa ta ba. Lambar da ta kamata ta tsorata ka tun farko ita ce 3 ɗin nan ta ɗorawa. Bayan isha'i kowa ya dawo gida, wayoyi sun hau waifai, waɗansu suna adana hotuna da bidiyon yini kai tsaye ba tare da masu su sun sani ba, wani kuma yana tura bidiyon biki ga dangi. Bidiyo mai megabayit 60 daidai yake da megabit 480, idan ka raba da 3 za ka samu daƙiƙa 160, wato kusan minti biyu da rabi da ɗoriya, wanda ya yi kama da tsawon lokacin da ka gani. A duk wannan lokacin rauta tana karɓar kaya daga wayar da sauri fiye da yadda za ta iya fitarwa ta 4G, sai ta tara su a layi. Idan layin ya kai kilobayit 256, fitar da shi a gudun 3 Mbps zai ci kusan milisakan 700, kuma ɗan ƙaramin saƙon wasanka dole ya tsaya a bayansu, kamar babur da ya faɗa bayan tireloli a hanyar da ba ta da wurin wucewa. Dalilin da ya sa taga ta farko ba ta nuna komai ba shi ne, layin yana ƙofar fita ne, saƙon da ya tsaya a rauta ba ya shiga cikinsa.

Tabbatar da wannan ba shi da wuya. Da rana, lokacin da gida ba kowa, ka kunna gwajin na biyu, sannan ka tura babban bidiyo daga wayarka a kan waifai ɗin. Idan lambar ta haura ɗaruruwa nan take, ta kuma sauko da zarar ka tsayar, ka kama ɓarawon. Daga nan ka shiga shafin rauta ta burauza da adireshin nan, ka duba jerin na'urorin da ke kai, ka ga ko akwai wadda ba ta gidanku ba. Idan akwai `QoS` ko wurin iyakance gudun kowace na'ura, ka sa wa wayoyi iyakar ɗorawa yadda jimillarsu ba za ta wuce wajen 2.4 Mbps ba, wato kashi 80 cikin ɗari na abin da kake da shi. Rautocin 4G da yawa ba su da wannan saitin, to a nan sai lallami: ka nemi izinin mutanen gida ka kashe adana hotuna na kai tsaye, ko a bar shi sai an tashi kwanciya.

Ɗan ƙungiya na Gwammaja:
Malam, na karɓi bayanin DNS, amma ban gamsu cewa duka laifin na gida ba ne. Ƙarfe tara na dare ne lokacin da duk unguwa take kan waya, kuma turken sabis ɗaya muke rabawa. Ni kaɗai nake amfani da rautata, a kan kebul, amma duk da haka lambata takan hau da dare.

Mai aikin haɗa intanet:
Wannan ma yana faruwa, ban musa ba. Cikin saƙonni 9 da ya rasa zuwa waje, waifai zai iya ɗaukar alhakin kusan 4, sauran kuma ko dai layin rauta ne ya cika ya zubar da su, ko cunkoson turke ne, lambobin da muke da su ba su raba gardama ba. Akwai kuma wahalar da cunkoson ke jawowa: idan gudun ɗorawa ya faɗi zuwa 1.5 da dare, iyakar 2.4 ba za ta hana layi taruwa ba, sai an ƙara rage ta. Ƙanina, bayan ka ja kebul, ka zaɓi dare ɗaya ka roƙi Baba izinin kashe waifai na minti goma da ƙarfe tara, kwamfutar kaɗai a kan kebul, ka maimaita gwajin zuwa 8.8.8.8. Duk tsallen da ya rage a wannan yanayin ba daga gidanku yake ba, kuma a lokacin ne za mu yi maganar matsar da rauta kusa da taga ko gwada wani layin.