Sanyi ne ya cinye rundunar Napoleon a Rasha, ko yunwa?

Nafi'u: Jama'a, ni dai ra'ayina ke nan: ba don sanyin 1812 ba, da Napoleon ya gama da Rasha. Duk maganar guzuri da hanyar kai kaya da ake yi ƙari ce kawai. Wanda bai yarda ba, bismilla.

Malam Habu: Nafi'u, mu fara da ranaku. Ya ƙetare kogin Niemen, iyakar Rasha, ranar 24 ga Yuni da mutum sama da 400,000 a sahun farko. Ranar 14 ga Satumba ya shiga Mosko da kusan 100,000. Dusar ƙanƙara kuwa sai farkon Nuwamba ta sauka sosai. To ina sauran suka shiga tun da zafi? Wasu an ajiye su gadin hanya da gefuna biyu na rundunar, wasu sun faɗi a Smolensk da Borodino. Amma masu yawan gaske atini da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ne suka kwantar da su, wasu kuma sun fita neman abinci ba su dawo ba.

Bashir: Gaskiya ne Malam. Mutumin bai yi tanadi ba sam. Ya saba sojansa su ci abin da suka tarar a gonakin mutane, shi ya sa ya tafi hannu rabbana.

Malam Habu: A'a Bashir, a nan kam ka zalunce shi. Rabin maganarka daidai ne, haka ya yi a 1805 da ya nufi Ulm, inda ƙasar ke cike da garuruwa da hatsi. Amma a 1812 ya san inda za shi, ya yi shirin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya cika rumbuna a Danzig da Königsberg, ya haɗa dubban amalanken doki, ya sa aka koro garken shanu a bayan runduna. Lissafinsa guzurin kwana 24 ne: na kwana 4 a jakar soja, na kwana 20 a kan amalanke. Ya ɗauka kafin nan zai ritsa sojan Rasha kusa da iyaka, a yi ta ta ƙare. Su kuwa suka ƙi tsayawa, suna ja da baya suna ƙone abin da ba su iya ɗauka ba.

Hajiya Rabi: To Malam, in akwai kaya jibge a rumbu, me ya hana a riƙa biyo su da shi? Ai hanya ɗaya ce.

Malam Habu: Hajiya, doki ne ya hana. Dokin aiki na cin kamar kilo 10 a rana, hatsi da harawa. A ce amalanke mai doki 4 ya ɗauko kilo 1,000. Kullum dawakan sun lashe kilo 40. In a cikin kayan za su ci, kwana 25 sun cinye shi tas, kuma dole a bar musu na komawa. Ke nan kwana 12 zuwa, 12 dawowa. In suna yin kilomita 20 a yini, a wajen kilomita 250 amalanken zai iso ba shi da ko loma ɗaya da zai miƙa wa soja. Daga Niemen zuwa Mosko kuwa kusan kilomita 1,000 ne. Mafita ita ce dawaki su yi kiwo a hanya, shi ya sa ma ya jira har ƙarshen Yuni ciyawa ta fito. Sai dai rundunar da ke gaba ta riga ta kalmashe komai, na baya ƙasa tsurara suke tararwa. Ga ruwan sama da aka tafka a ƙarshen Yunin a yankin Vilna, hanya ta zama taɓo, an kuma ɗura wa dawaki ɗanyen hatsin da bai nuna ba, cikinsu ya kumbura. Kimanin doki 10,000 suka mutu cikin 'yan kwanaki, ba a ko yi wata arangamar kirki ba.

Baba Iro: Wannan lissafin na san shi. Na daɗe ina jan babbar mota, kuma tafiyar da babu gidan mai a hanya, durom ɗin da ka ɗora don kanka shi ke cinye wurin kayan mai kaya. Amma ina ce Jamusawa ne sanyi ya daskarar musu da mai a tanka?

Sadiya: Baba, wancan na 1941 ne, shekara 129 tsakani. Ko da yake su ma hanyar ta ba su wuya, don faɗin layin dogon Rasha ya fi na Jamus, sai da suka riƙa gyara shi kafin jirginsu ya hau.

Nafi'u: Na ji, amma ku ma kuna tsallake wani abu. Mutum 100,000 da suka bar Mosko ranar 19 ga Oktoba ai runduna ce mai ƙarfi. Me ya mai da su mabarata in ba sanyi ba? Kuma sojan Kutuzov, babban kwamandan Rasha, da ke bin su, a ƙasarsu suke, amma wajen rabinsu ba su kai Vilna ba. Su ma yunwar ce?

Sadiya: Wannan ta ƙarshen taka tana da nauyi, Yaya Nafi'u, sanyin Disamba ya kashe mutane a ɓangarorin biyu. Sai dai na Rasha da ya kwanta ciwo ana barinsa a garin 'yan'uwansa, da yawa sun warke sun dawo. Na Faransa da ya zauna a bakin hanya shi ke nan. Sannan ka duba hanyar da suka bi. Napoleon ya so ya ratsa ta kudu, ta Kaluga, inda ba a taɓa gonaki ba. Bayan gumurzun Maloyaroslavets ranar 24 ga Oktoba ya koma tsohuwar hanyar Smolensk, wadda su da kansu suka cinye a zuwa. Sun fara yanka dawakinsu tun sanyin bai tsananta ba. Doki ya ƙare, an zubar da igwa da amalanke, babu mahayan da za su kare masu neman abinci daga Kosak, mahayan dawakin Rasha.

Malam Habu: Na gode Sadiya. Abin takaicin ma, kayan suna nan. Ranar 16 ga Nuwamba wani kwamandan Rasha, Chichagov, ya ƙwace Minsk da rumbunanta cike. A Vilna akwai gari da nama mai ɗimbin yawa, amma ragowar rundunar ta iso a warwatse, ba mai jin umarnin wani, aka yi wawa, aka bar sauran ga abokan gaba. Kai ko a kogin Berezina, a ƙarshen Nuwamba, sassaucin sanyi ne ya cuce su. Da kogin ya daskare da sun taka sun wuce, sai ga shi injiniyoyin sojan Napoleon, mutanen Janar Eblé, na tsaye cikin ruwa suna kafa gada.

Bashir: To da ya tsaya a Smolensk a watan Agusta, ya ci sanyin a can, ai da ya tsira.

Malam Habu: Nan ne ni ma nake raba ɗaya biyu. Hanyar za ta gajarta, rumbunan Minsk da Vilna su zo kusa. Amma ciyar da dubban dawaki wata shida a ƙasar da aka riga aka kwashe ba wasa ba ne.

Hajiya Rabi: Ni kuma ina ganin duk kun bar Sarkin Rasha Alexander a baya. Da ya amsa wasiƙun sulhun da aka aika masa daga Mosko, da yau ba mai zancen harawa. Ƙin da ya yi ne ya sa Napoleon zaman mako biyar a garin da gobara ta cinye.

Nafi'u: Hajiya ta kawo sabuwa. Ni dai na rage wa sanyi kasonsa, amma ban cire shi ba. Malam, a lissafinka na amalanke, in an kafa zango duk kilomita 100 ana sauya dawaki fa?

Malam Habu: Zangon ma sai an kai masa harawa, kuma sai an ajiye masa masu gadi daga cikin masu yaƙi. Ɗauki biro ka gwada da zango 9, ka turo mana abin da ya isa Mosko daga cikin kilo 1,000 ɗin.