Gwajin HER2 Kafin Fara Maganin Kansar Nono

Da matan Agege suka tattauna da wata likita, shawararta ita ce kada a sayi maganin kansar nono mai suna trastuzumab sai an ga sakamakon gwajin HER2, wani furotin da ke sa kansar saurin girma, daga tsokar da aka ciro a nonon. Gwajin farko, IHC, yana ba da maki. Idan 0 ne ko 1+, maganin ba zai yi amfani ba. Idan 3+ ne, ana ba da shi tare da kemo, yawanci duk sati 3 har shekara guda. 2+ ne mai ruɗarwa, sai an ƙara wani gwajin mai suna FISH don a tabbatar.

Wata ta ce, "Likita, ni 3+ ce, me ya sa aka tura ni hoton zuciya?" Likitar ta ce maganin yakan raunana zuciya, shi ya sa ake dubawa kafin a fara, sannan duk wata 3.