Bidiyon wanke hannu na minti uku: da me zan buɗe, da me zan rufe?

Malama Rabi: Assalamu alaikum. An sa ni haɗa bidiyon minti uku kan wanke hannu don 'yan firamare. Bayanin ƙwayoyin cuta kaɗai ya cinye min minti biyu, ko famfo ba a kunna ba. Yaya zan tsara shi?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam Malama. Ajiye bayanin nan tukuna, daƙiƙa 180 kawai gare ki. A 15 ɗin farko ban da doguwar gaisuwa. Ki shafa wa yaro ɗaya ƙyalƙyali a tafin hannu, ya gaisa da abokinsa, abokin ya miƙa wa wata fensir, ita kuma ta sosa kunci. Kyamara ta matso, ga ƙyalƙyali a fuskarta, murya ta ce: "Ta ina ya zo nan?" Zuwa daƙiƙa 45 kin gama faɗa musu haka ƙwayoyin cuta ke yawo, sai dai ido ba ya ganinsu. Yaron ya ɗauraye da ruwa zalla, abin ya ƙi fita. Ki cakuɗa ƙyalƙyalin da man shafawa fa, in ba haka ba ruwa zai kwashe shi ki ji kunya.

Tsakiyar ita ce aikin, ki ba ta kamar daƙiƙa 80. A jiƙa hannu, a sa sabulu, a cuɗa tafi, baya, tsakanin yatsu, babban yatsa da ƙarƙashin farce, a ɗauraye, a busar. Ki ɗan tsaya a babban yatsa da kan yatsu, nan aka fi tsallakewa. Sannan a maimaita cuɗawar daƙiƙa 20 cur ba a yanke ba, yara suna bi suna ƙirgawa. Na taɓa hanzarta wurin nan don rage lokaci, da aka haska sai yaran suka gama nasu cikin daƙiƙa biyar. Ki ɗauka ta bayan kafaɗar yaron, su ga hannun kamar nasu.

Anti Jummai: Ni da garin barkono a kwanon ruwa zan buɗe. Yatsa mai sabulu na taɓawa sai ya watse, yara har ihu suke yi.

Baban Ilham: Yana jan hankali kam, Anti, amma saman ruwan ne sabulu ya sassauta, ba wanki aka yi ba. Yaro zai ɗauka taɓa sabulu ya isa.

Malam Sani: Mu famfonmu ya fi wata ba ruwa, me bidiyo zai yi mana?

Malama Rabi: Gaskiyarka Malam, zan nuna wani yana zuba wa wani da buta. To rufewar fa?

Baban Ilham: Ki tuna musu lokutan wanke hannu biyu kacal: bayan fitowa daga banɗaki, da kafin cin abinci. Ki koma kan yarinyar farko, abinci a gabanta, murya ta tambaya me za ta fara yi, a yi shiru daƙiƙa uku su amsa.

Anti Jummai: Nan kam ban yarda ba. Waƙa suke tafiya da ita gida. Ki gwada duka biyun a aji ɗaya ki gani.