Kyanwata ta nace wa gadon jaririya, yaya zan yi?

Assalamu alaikum. Kwana 6 da dawo da jaririyarmu gida, kyanwarmu mai shekara 4 ta ƙi rabuwa da gadonta. Surukata ta kafe cewa mage na tsotse numfashin jarirai, dole a fitar da ita. Na san camfi ne. Ɗumi take nema. Tsorona kada ta kwanta kan fuskar yarinyar, alhali ba ta iya juya kai ba tukuna.

Na rufe ɗakin, ta kwana tana kuka tana yakushin ƙofa. Na sa gidan sauro, ta haye ya lotsa. Jiya kuma ta yi fitsari kan zanen goyo, abin da ba ta taɓa yi ba.

Don Allah, ta yaya zan hana ta shiga ɗakin da dare ba tare da damuwarta ta ƙaru ba?