Hirar da na tara bayanan karatuna ta ɓace

Assalamu alaikum ma'aikatan tallafi. Don Allah ku taimaka min, hirar da ke asusuna ta ɓace tun da na canza waya, kuma a cikinta na tara duk bayanan Kimiyyar Sinadarai na jarrabawar JAMB, har da lissafin da malaminmu ya warware mana na auna asid da hotunan allo. Lambata ɗaya ce ban canza ba, na duba wajen ajiyar tsofaffin hira babu, na fita na sake shiga shiru, sauran hirarrakin duk sun dawo sai ita kaɗai. Shin tana nan a sabarku ko ta goge kenan? Tsohuwar wayar tana hannuna ban goge komai ba, in kunna mata data ko in bari tukuna?