Sakin layi ɗaya bai isa a kama ɗalibi ba

Wasu malamai da suka tattauna kan manhajojin gano rubutun AI, wato ƙirƙirarriyar basira, sun fi tsayawa kan batun tsawon rubutu. Lissafi manhajar take yi: tana auna ko kalma mai zuwa abar hasashe ce, da yadda jimloli ke bambanta. Irin wannan awo yana buƙatar rubutu mai yawa.

Wata malama ta kawo misali. Ɗalibi ya amsa tambaya da jimla biyar, biyu daga ciki ma'anar da aka haddace ce daga littafin aji. Kusan rabin amsar ke nan ya yi kama da na inji, alhali yaron da hannunsa ya rubuta. A maƙala mai shafi huɗu, jimlolin nan biyu ɓacewa za su yi.

Shi ma kamfanin OpenAI, da ya fito da nasa ma'aunin a 2023, ya ce ba abin dogaro ba ne a ƙasa da haruffa 1,000, daga baya ma ya janye shi.

Shawarar da aka fi yarda da ita: a sauya jimla ɗaya a sake gwadawa. In makin da manhajar ta bayar ya yi tsalle, a ajiye shi, a kira ɗalibin ya bayyana amsarsa da baki.