Abin Da Likitoci Suka Tattauna Kan Tashin ST a ECG

Likitocin sun yi ittifaƙi cewa idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya gaba ɗaya, naman wurin yakan rasa iskar oksijin tun daga ciki har waje. Ƙwayoyinsa sai su kasa riƙe cajin lantarkinsu, wannan bambanci da lafiyayyen nama shi ke ɗaga layin ST, wani sashe na zanen da ECG, gwajin lantarkin zuciya, ke fitarwa.

Shawararsu: mai ciwon ƙirji a yi masa ECG cikin minti 10 da isowarsa. A nemi tashin ST na milimita 1 a layuka biyu maƙwabta cikin layukan ECG da ke kallon zuciya ta ɓangarori daban-daban, ban da V2 da V3 da ake neman tashin da ya fi haka. Misali, tashi a II, III da aVF, tare da faɗuwa a aVL, yawanci jijiyar dama ta zuciya ce ta toshe. Nan a duba V4R, layin da ke nuna ko abin ya shafi ɓangaren dama na zuciya, kafin a ba da naitiret, maganin buɗa jijiyoyin jini, domin idan ya shafe shi naitiret yana iya faɗar da hawan jini.

Kada a jira sakamakon gwajin jini, naman zuciya mutuwa yake yi. A ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna. Idan ba za a iya buɗe jijiyar cikin minti 120 ba, a yi allurar narkar da gudan jini, muddin ba haɗarin zubar jini.

Wata likita ta ja kunne: kumburin rigar zuciya ma yana ɗaga ST, amma kusan a dukkan layuka.